Uban yarinya ya ce a ba shi foldarta: me ya kamata a ce yana ciki?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar manya. Akwai yarinya 'yar shekara 9 da nake gani a cibiyarmu, fitsarin kwance ya dawo mata bayan iyayenta sun rabu, makaranta ma da kyar take zuwa. Tana hannun uwarta, tana zuwa hutun ƙarshen mako gidan uban. Mun yi zama huɗu. Jiya uban ya zo ya ce a ba shi kwafin duk abin da aka rubuta a kan 'yarsa, kuma ana maganar riƙon yarinyar a kotu. Ga irin abin da ke rubuce a zama na uku, na sauya duk abin da zai sa a gane su: "Yarinya ta zo a tsorace. Matar uba tana gallaza mata. Uban ba ya zama a gida, yana shaye-shaye. A wasa ta nuna ana kulle ta a ɗaki. Za a ci gaba da zama." Sufabaizata, mai duba aikina, ta tafi hutun haihuwa. In ba shi ko in hana?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Kada ki ba shi ko shafi ɗaya. Sirrin yarinya ne. Mu a aikin jin daɗin jama'a abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba, don haka rubutunki daidai ne, ki ma ƙara. Gobe in wani abu ya sami yarinyar nan, takardar ce za ta wanke ki.

Barista Umar: Malam Nasiru, a dakata da "ko shafi ɗaya". Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, amma ta lissafa inda ake bayyana shi. Akwai amincewar mutum a rubuce, akwai umarnin kotu, akwai kuma buƙatar iyaye ko mai riƙo idan ƙaramin yaro ne. Uban nan uba ne, saki bai cire masa wannan ba. Ban ce ta kwashi folda ta miƙa masa a tsaye ba. Ya rubuto buƙatarsa, shugaban cibiya ya duba, a tabbatar babu wani umarnin kotu da ya taƙaita shi. Amma kowa ya riƙa rubutu da sanin cewa uba na iya karantawa, lauyansa na iya karantawa, alƙali ma haka.

Dakta Hadiza: Rukayya sannu da aiki. Bari in bar wa Barista maganar bayarwa, ni in tsaya kan rubutun kansa, domin nan ne aikin yake.

Jimloli biyar ne. Ki duba su ɗaya bayan ɗaya ki tambayi kanki: wannan na gani da idona, faɗa mini aka yi, ko ni na fahimci haka? "Ta zo a tsorace" fahimtarki ce. Abin da kika gani wataƙila shi ne ta riƙe hijabin uwarta, ta ƙi shiga sai da uwar ta rako ta, ta yi minti goma ba ta ce uffan ba. Wannan shi ne zai amfani duk wanda zai karɓi aikin bayanki, domin a zama na takwas zai iya cewa yau ta shigo da kanta. "A tsorace" ba ya aunuwa.

"Matar uba tana gallaza mata." Wa ya faɗa? In uwar ce, to magana ce daga matar da aka saki game da wadda ke cikin ɗakin, ana kuma tsakiyar shari'a. Ban ce ƙarya take yi ba, amma kin rubuta shi kamar kin shaida. Haka maganar shaye-shaye. Ranar da aka karanta wannan a kotu, ke za a tambaya a ina kika gan shi yana sha. Idan maganar ta shafi lafiyar yarinyar, a rubuta "uwa ta ce", a kawo abin da ta ce ya faru, da yaushe. Idan ba ta shafi jinyar ba, kamar labarin wanda ya ci amanar wa da kayan ɗakin da aka hana, ba ta da wuri a foldar yarinya ko kaɗan.

Jimla ta huɗu ce ta fi tsorata ni. Me ta yi a wasan takamaimai?

Rukayya: Anti, ta ɗauki ƙaramar 'yartsana ta sa a akwatin kayan wasa ta rufe, ta ce "ta yi fitsari, ta zauna nan". Ta maimaita sau uku. Daga baya ta kawo babbar 'yartsana ta buɗe mata.

Dakta Hadiza: Madalla, to kin ga. Wannan da kika rubuta yanzu shi ne bayanin zama. Bai ce an kulle yarinyar ba. Yana iya zama an taɓa kulle ta, yana iya zama barazana aka yi mata, yana iya zama kunyar fitsarin ce take hukunta kanta a kai, ko a talabijin ta gani. Wasa ƙofa ce ta tambaya, ba shaida ba ce. Daga "ta rufe 'yartsana a akwati" zuwa "ana kulle ta a ɗaki" akwai tsalle babba, kuma a takarda tsallen ba ya nunawa, wanda ya karanta zai ɗauka yarinyar ce ta faɗa.

Ga yadda ni zan rubuta zaman, a tsarin nan mai kashi uku da ake kira DAP. Lambobin misali ne, ki sa naki.

Kai: lambar folda, kwanan wata, zama na 3, ƙarfe 10:15 zuwa 11:00. Minti 10 da uwa, minti 35 da yarinya ita kaɗai.

Abin da aka gani aka ji: Uwa ta ce an jiƙa shimfiɗa dare 5 cikin 7, makon jiya 6 ne. Ta je makaranta kwana 2 cikin 5. Uwa ta ce abin ya fi yawa a daren da ta dawo daga gidan uba. Yarinya ta shigo riƙe da uwa, ta fara magana bayan kusan minti 10. A wasa ta maimaita labarin hukunci saboda fitsari, da kuma wata babba da ke zuwa ceto. Da aka tambaye ta me ake yi idan ta jiƙa shimfiɗa, ta ce "faɗa ake mini". Ba ta ambaci duka ko kullewa ba. Ba a ga rauni a fuska da hannuwa ba.

Fahimtata: Fitsarin da ƙin makaranta sun fara ne bayan rabuwar iyaye, sun yi kama da damuwar sauyin gida. Kunya tana da yawa. Ba a tabbatar da cutarwa ba, ana ci gaba da lura. Ba a kawar da dalilin jiki ba tukuna.

Abin yi: A tura ta likitan yara a auna fitsari. Uwa ta cika jadawalin dare na mako ɗaya ba tare da faɗa ko gori ba. A gayyaci uba zama shi kaɗai. A kai batun wasan ga mai duba aiki. Zama na gaba ranar kaza. Suna, muƙami, sa hannu.

Ki karanta wannan da idon uban. Babu zagi a ciki, babu kuma abin da aka ɓoye na lafiyar 'yarsa.

Sista Talatu: Dakta na ji daɗi da kuka sa awon fitsari. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, ba damuwa kaɗai ke kawo shi ba. Ciwon mafitsara na kawowa, ciwon suga na kawowa, har taurin bayan gida. Na sha ganin folda mai shafi goma a kan rabuwar iyaye, babu layi ɗaya da ya ce an auna fitsari.

Sannan a tuna hannu nawa folda ke bi. Mai yankan kati, mai ɗauko ta daga ɗakin ajiya, nas, ɗaliban da suka zo koyon aiki. Kano da girmanta, amma da wuya a rasa wanda ya san wani a cikinsu. Na taɓa tarar da folda a buɗe kan benci, iska na kaɗa shafukanta, 'yan rakiya biyu na zaune a gefe, mai ɗaukarta ya tafi sallar azahar.

Malam Nasiru: Dakta ban gamsu duka ba. Kun cire maganar 'yartsana da akwati, kun mayar da ita "labarin hukunci". In nan da wata biyu ta tabbata ana kulle yarinyar fa? Ai kun zubar da hujja da hannunku.

Dakta Hadiza: Malam, tambayarku tana kan hanya, kuma masu aikin nan ba su haɗu a kanta ba. Akwai waɗanda za su sa bayanin akwatin dalla-dalla a folda, ba zan ce sun yi laifi ba matuƙar sun rubuta abin da hannunta ya yi da abin da bakinta ya faɗa, ba fassararsu ba. Ni abin da ya sa nake taƙaitawa: ita yarinyar an ce mata ɗakin nan wurinta ne. Idan uban ya karanta ya koma gida ya ce "wa kike nufi da babbar 'yartsana?", zama na biyar ba za ta taɓa akwatin ba, kuma hanyar da za mu bi mu san gaskiyar ta toshe.

Amma inda kuke da gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne ranar da yaro ya buɗi baki ya faɗi cutarwa. Ranar babu taƙaitawa. A rubuta a ranar, kafin a tashi aiki, da lokaci, da wanda ke ɗakin, da kalmominta yadda ta faɗe su da Hausa ko da sauran foldar da Turanci ake rubuta ta. A rubuta tambayar da aka yi mata kafin ta faɗa, domin "me ya faru?" daban, "ita ce ta kulle ki ko?" daban. Idan akwai rauni, a faɗi inda yake da girmansa da launinsa, kada a ce "alamar bulala" sai dai "yarinya ta ce bulala ce". Sai wanda aka sanar, ƙarfe nawa, me aka yanke. Irin wannan shafin kuma ba a miƙa shi ga wanda ake zargi don kawai ya nema, shugaba da lauya ne za su zauna a kai. Kano tana da dokar kare yara tun 2023, kuma tun zaman farko ake gaya wa yaro da iyaye cewa sirri yana da iyaka, idan ana cutar da shi za a faɗa wa masu iya kare shi. A rubuta a folda cewa an yi wannan bayanin.

Maman Iman: Ku yi haƙuri ni uwa ce, ba ma'aikaciya ba. Wato nufinku in kawo ɗana, in biya kuɗi, ku rufe ƙofa da shi, sannan ku riƙa rubuta abin da ba za ku nuna mini ba? Ni na haife shi fa. Wannan ai raba ɗa da iyaye ne.

Rukayya: A'a Mama, ba haka ba ne. Duk zama sai na zauna da uwar na faɗa mata inda aka kwana, abin da muke aiki a kai, da abin da za ta yi a gida. In akwai haɗari ita ce ta farkon ji, sai fa idan daga wajenta haɗarin yake. Abin da ba na kwashewa in kai mata shi ne kowace kalma, kamar yarinya ta ce tana kewar babanta amma tana tsoron ta faɗa a gaban Umma.

Maman Iman: To in dai haka ne da sauƙi. Amma ku riƙa faɗa tun farko, don mu ba a yi mana wannan bayanin ba.

Kabiru: Ni ɗalibi ne, ina koyon aiki. Abin da na ga wasu na yi: folda a rubuta kaɗan, sai a ajiye littafi na biyu a jaka a zuba komai a ciki. Shi ai ba na cibiya ba ne, kotu ba ruwanta da shi. Sufabaiza kuma a ɗauki hoton shafin a tura mata ta WhatsApp, tunda saƙon a kulle yake ba mai iya gani.

Barista Umar: Kabiru, kada ka dogara da cewa littafin jaka ya fi ƙarfin kotu. Idan alƙali ya ce a kawo duk rubutun da ya shafi yarinyar, ba ka da hujjar cewa wannan nawa ne. Maganar waya kuma, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma na yaro sai da amincewar iyaye ko mai riƙo. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, awa 72 doka ta ba cibiya ta sanar da hukumar kare bayanai. Kulle saƙo a kan hanya bai hana hoton zama a cikin hotunan wayarka da tata ba. Ƙaninka ya ari wayar, ko a fizge ta a adaidaita sahu, shi ke nan.

Dakta Hadiza: Littafi na biyu yana da amfani, amma ba juji ba ne. Ni abin da nake so wanda nake dubawa ya zo mini da shi shafi ɗaya ne, babu suna, babu lambar folda, sai wata lamba da shi kaɗai ya san wa take nufi. Kuma cire suna kaɗai bai isa ba a garin nan. Ka ce "'yar wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari, mai mata uku, da ya saki ta biyun bayan sallah", wallahi a zaman mutum shida sai an sami wanda ya gane gidan. Ka ce yarinya 'yar firamare, iyaye sun rabu watanni kaɗan da suka wuce, tana kai-kawo tsakanin gida biyu. Unguwa, sana'ar uba, sunan makaranta, yawan matan gida, ba na buƙatar su in taimake ka.

Abin da nake buƙata shi ne wanda folda ba ta ɗauka: me ka ce wa yaron, me ya mayar, a ina ka rasa abin faɗa, me ka ji a ranka. Misali Rukayya, jimlar nan ta matar uba, ni da a gabana kike da na tambaye ki ko kin riga kin ɗauki ɓangare, tunda uwar kaɗai kika saurara sau huɗu, uban ko sau ɗaya. Ba laifi ba ne, duk wanda ya zauna da mace tana kuka zai karkata. Amma wurin wannan maganar zaman duba aiki ne, ba foldar yarinya ba. Bayan zaman, abin da zai shiga folda layi ɗaya ne: an tattauna da mai duba aiki ranar kaza, an yanke a gayyaci uba, a ci gaba da lura.

Ni kuma idan zan duba folda, zama uku nake karantawa a jere. Abin da aka ce za a yi a zama na 2, ya bayyana a na 3? An ce a auna fitsari, ina sakamakon? Idan na ga "tana samun sauƙi, a ci gaba" sau uku babu lamba ko ɗaya, na san ko ba a auna komai ba ne, ko an tara rubutun mako ne aka yi shi ranar Juma'a da ka. Shi ya sa nake son abin ƙirgawa: dare nawa, kwana nawa a makaranta. In kuna amfani da SDQ, takardar auna halayya da damuwar yara, tambayoyi 25 ne, jimlar matsala daga 0 zuwa 40, a wanda iyaye ke cikawa 17 zuwa sama ana ɗaukarsa babba. A cika a farko, a sake bayan wasu watanni. A gida biyu irin wannan, ki ba uwa nata ki ba uba nasa, bambancin da ke tsakaninsu ma abin tattaunawa ne.

Rukayya: Na gode Anti. To shafin zama na uku fa? In cire shi in sa wanda kuka tsara?

Sista Talatu: Kul! Kada ki yage, kada ki shafa farin fenti, kada ki sake kwafa da tsohon kwanan wata.

Barista Umar: Musamman yanzu da an riga an nemi foldar. Sauya ta bayan buƙata ya fi abin da ke cikinta muni, kuma sashe na 29 na dokar 2014 ɗin nan ya haramta yi wa bayanan lafiya jabu ko sauya su ba da izini ba. Ki bar shafin yadda yake. Ki buɗe sabon rubutu da kwanan watan yau, ki ce ƙarin bayani ne a kan zama na 3: maganar matar uba da ta shaye-shaye daga bakin uwa suke, ba a tabbatar ba, maganar kullewa fassarar wasa ce, yarinya ba ta faɗa ba, ga abin da aka gani. Ki sa hannu, shugabanku ma ya gani.

Dakta Hadiza: Haka ne. Shi kuma uban, kafin a kai ga kwafi, ki gayyace shi ya zauna. Da yawansu ba takarda suke nema ba, so suke su san me ake faɗa a kansu a bayan ido. A ba shi taƙaitaccen rahoto na shafi ɗaya: ranakun zuwa, abin da ake jinya, ci gaban da aka samu, abin da ake so ya yi idan ta kwana a gidansa. Uwar ma a ba ta irinsa, kalma da kalma, don kada wani ya ce an fifita wani. Kada ki rubuta wanda ya fi cancanta ya riƙe ta, ba a ɗora miki wannan ba, kuma mai jinyar yaro ba shi ne mai binciken kotu ba. Sannan cibiyarku ta nemo miki wanda zai riƙa duba aikinki kafin sufabaizarki ta dawo, bai kamata ki riƙe irin wannan ke kaɗai ba.

Malam Nasiru: In ya ƙi rahoton ya ce cikakkiyar folda yake so fa? Da maganar da uwar ta yi a kansa a ciki?

Barista Umar: Nan ne za a yi ja. Ni ra'ayina a rufe abin da ya shafi uwar a kwafin da za a ba shi, tunda ita ma bayaninta ne, a bar asalin folda cikakke don kotu. Lauyansa zai ce 'yarsa ce, ba a da ikon rufe masa komai. Rukayya, ki ce ya kawo buƙatar a rubuce, ki kai wa shugabanku, lauyan cibiyarku ya gani kafin a amsa masa.

Kabiru: Zanen da yara ke yi fa? Jiya wani ya zana gidansu ya rubuta sunan kowa a kai, har na kishiyar uwarsa. A folda zan sa ko in ba shi ya tafi da shi?

Dakta Hadiza: Tambaye shi tukuna. In ya ce a ajiye, sa shi a ambulan ka rubuta kwanan wata da lambar folda a baya, a kabad mai makulli, kada ka liƙa a bango. In ya ce zai tafi da shi, ka tuna masa mutanen gida za su gani, ka bar shi ya zaɓa.

Malam Nasiru: Ni dai da zan ɗauki kwafi kafin ya tafi da shi.

Sista Talatu: Da injin ofis, Malam, ba a shagon bakin titi ba.